Kujera ɗaya, ma'aikata biyu: yadda ake raba aiki da yadda ake miƙa shi

Raba kujera shi ne mutum biyu su riƙe muƙami ɗaya na cikakken lokaci, kowa ya yi wani ɓangare na mako, su raba albashi da hutu gwargwadon awannin da kowa ya yi. Ya bambanta da ɗaukar ma'aikata biyu na rabin lokaci a ba kowa nasa aikin. A nan aikin ɗaya ne. Wanda ya kawo buƙatarsa ranar Litinin ya tarar da mutum na farko, in ya dawo ranar Alhamis zai tarar da na biyu, kuma haƙƙinsa ne a ci gaba da shi daga inda aka tsaya, ba sai ya sake zayyano bayani tun daga tushe ba. Duk wahalar tsarin a wannan wurin take, shi ya sa mafi yawan wannan jagora a kan miƙa aiki zai tafi.

Tsarin ya fi kafuwa a Turai. A Birtaniya ma'aikaci na da damar neman sassaucin lokacin aiki, har da raba kujera, kuma daga watan Afrilun 2024 yana iya neman hakan tun ranar da ya fara aiki, mai aiki kuma ya ba shi amsa cikin wata biyu. Jamus ta ba raba kujera sashe na musamman a dokarta ta aikin rabin lokaci. A Najeriya babu wata doka da aka keɓe masa, saboda haka abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki shi ne madogara. Wanda bai rubuta ba, ranar rigima ba shi da abin riƙewa.

Za mu bi misali ɗaya har ƙarshe: kujerar jami'in kuɗi a wata makaranta mai zaman kanta, wanda ke karɓar kuɗin makaranta, yanka rasit, biyan 'yan kwangila da haɗa takardar albashi. Awa 40 a mako, Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe 8 zuwa 4, albashi naira 240,000 a wata. Mu ce Malama Rabi da Malama Hadiza ne za su raba ta. Sunayen da alƙaluman duk na misali ne.

Mataki na farko: a san aikin kafin a raba shi

Kafin a yi maganar wa zai zo wace rana, wanda ke kan kujerar yanzu ya ɗauki mako biyu zuwa huɗu yana rubuta duk abin da ya yi, da ranar, da tsawon lokacin da ya ci. Takardar bayanin aiki da aka ba shi ranar ɗauka ba za ta wadatar ba, domin rabin abin da jami'in kuɗi ke yi ba ya cikinta: tunatar da shugaban makaranta ya sa hannu a cak, bin sawun direban motar ɗalibai ya kawo rasit ɗin mai, lallashin uban da ya zo a fusace.

Da an gama, sai a kasa ayyukan kashi uku. Akwai waɗanda ke ƙarewa a ranar da aka fara su, kamar karɓar kuɗi da yanka rasit. Waɗannan duk wadda ke kan kujera ta yi su. Akwai masu lokaci sananne, kamar haɗa albashi a ƙarshen wata, daidaita littafin kuɗi da takardar banki, da tura kuɗin fansho da haraji. Sai kashi na uku, masu jan lokaci, waɗanda ke tsallaka kwanaki ko makonni: uban da ya nemi ya biya kuɗin zango kashi-kashi, ɗan kwangilar da ake jayayya da shi kan yawan littattafan da ya kawo, kuɗin da aka ce an turo amma bai bayyana a asusu ba.

Kashi na biyu da na uku su ne ke buƙatar mai su. Kowane ɗaya a rubuta masa suna ɗaya tak. Albashi na Hadiza ne, daidaita littafi da banki na Rabi ne. Wannan ba ya nufin Rabi ba za ta taɓa albashi ba. Yana nufin in 25 ga wata ta yi ba a haɗa shi ba, an san wadda za a tambaya. Abin da aka ce na su biyun ne, a aikace ba na kowa ba ne, kowacce za ta ɗauka 'yar'uwarta ta yi.

In lissafin ya nuna kusan duk aikin na kashi na uku ne, kuma yana rataye ne a kan amincin da ke tsakanin mutum ɗaya da abokan hulɗa, to a yi tunani sosai. Irin wannan kujera ta fi dacewa a raba abokan hulɗar gida biyu, kowa ya riƙe nasa, a maimakon a raba kwanaki.

Mataki na biyu: tsara kwanaki

Hanyoyin da aka saba su uku ne. Ko a raba rana, ɗaya safe ɗaya yamma. Ko a raba mako. Ko a yi mako-mako, wannan ta yi mako guda cur, waccan ta karɓa.

Rabon rana yana da daɗi ga mai kai yara makaranta ko mai karatu da yamma, kuma ba abin da ke kwana ba a sani ba. Amma ana miƙa aiki sau biyu kullum, kowacce na biyan kuɗin mota kwana biyar a kan rabin albashi, sannan a ofishin kuɗi na makaranta safiya ce ke da cunkoso, mai yamma za ta riƙa samun sauƙi, a hankali abin ya zama ƙorafi. Mako-mako kuwa yana barin rata mai faɗi. Wadda ta yi kwana tara ba ta leƙa ofis ba za ta dawo kamar baƙuwa.

Ga irin wannan kujera rabon mako ya fi, tare da awannin haɗuwa a tsakiya. Rabi ta yi Litinin da Talata cikakku, Laraba daga 8 zuwa 1. Hadiza ta shigo Laraba ƙarfe 11 ta tashi 4, sannan Alhamis da Juma'a. Kowacce ta yi awa 21, kuma daga 11 zuwa 1 na ranar Laraba suna tare. Awa biyun nan aiki ne, dole a biya su, kuma a hana kowa cinye su da wani taro. Inda aka ce su riƙa miƙa wa juna aiki ta waya da daddare don kada a ƙara ko sisi, nan da wata biyu za a ga miƙawar ta koma gaisuwa da "ba wani abu, komai lafiya".

Akwai abin da ake yawan mantawa. A wannan tsari ana miƙa aiki sau biyu ne a mako, amma haɗuwa ido da ido sau ɗaya ce. Daga Hadiza ranar Juma'a zuwa Rabi ranar Litinin babu haɗuwa, takarda ce kaɗai za ta yi magana, ga kuma kwana biyu a tsakani. A nan abubuwa suka fi faɗuwa. Don haka minti 30 na ƙarshen Juma'a a keɓe su don rubutu, minti 20 na farkon Litinin kuma don karatu, kafin a buɗe taga ga jama'a.

A kuma duba nauyin ranakun, don ba ɗaya suke ba. Litinin ta farkon zango iyaye ne maƙil a bakin taga. Juma'a a wurare da yawa ana tashi da wuri saboda masallaci. In awannin Juma'a biyar ne ba takwas ba, sai a gyara lissafin da awanni na gaskiya, ko a riƙa musanya ɓangaren mako a kowane zango, wadda ta yi farkon mako a wannan zangon ta koma ƙarshensa a na gaba.

Mataki na uku: albashi, hutu da takarda

Komai a lissafa shi da awa. Albashin kujerar 240,000 ne a kan awa 40 na mako, wato kowace awa ta mako tana daidai da 6,000 a wata. Mai awa 21 za ta karɓi 126,000. Su biyun 252,000, ƙarin 12,000 a kan abin da makaranta ke biya a da, kuma wannan shi ne kuɗin awannin haɗuwa. Gara a faɗa wa mai makaranta wannan adadi tun farko, tare da sauran abin da zai ƙaru: horo na mutum biyu, katin shaida biyu, inshorar lafiya biyu in ana bayarwa.

Fansho kowacce da asusunta. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta sa mai aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Inda makarantar ke cikin tsarin, kuma in aka ɗauka duk 126,000 ɗin ne ake lissafi a kansa, za a cire 10,080 daga albashin kowacce, makaranta ta ƙara 12,600.

Hutun shekara ma da awa. In kujerar na da kwana 20, awa 160 ke nan, mai awa 21 cikin 40 tana da awa 84. Amfanin lissafi da awa shi ne ranar Laraba awa biyar ce gare su, ba takwas ba, kuma in aka ƙirga ta a matsayin kwana guda an cuci wadda ta ɗauki hutu a ranar.

Ranakun hutun gwamnati su ne ke kawo ƙananan maganganu. Sukan taru a ranar Litinin, domin Litinin ɗin Ista a nan take kullum, kuma in Sallah ko wani biki ya faɗo a ƙarshen mako sau da yawa Litinin ake bayarwa. Mai farkon mako sai ta riƙa samun hutu fiye da abokiyarta alhali albashinsu ɗaya. Maganin shi ne a tara su a raba daidai. A ce a shekarar an samu kwana 12, takwas a ranakun Rabi, huɗu a na Hadiza. Jimla awa 96, rabon kowacce 48. Rabi ta ci 64, Hadiza 32, saboda haka Rabi za ta yi wa Hadiza aikin kwana biyu daga cikin ranakunta a wani lokaci da suka yarda da shi. A riƙa yin wannan lissafi a ƙarshen kowane zango, kada a bari ya taru.

Kowacce a ba ta takardar ɗaukar aiki tata, mai sunanta ita kaɗai, da awanninta, da ranakunta, da albashinta. Abu uku kada su ɓace a ciki: awannin haɗuwa, abin da zai faru in ɗaya ba ta da lafiya ko ta tafi hutu, da abin da zai faru in ɗaya ta bar aiki. Kan rashin lafiya, dokar Jamus ta ɗauki matsayi mai kyau da ya cancanci a kwaikwaya: a ƙa'ida ba a tilasta wa abokin rabo ya rufe gurbin ɗan'uwansa sai ya amince a wannan karon. Dalili a fili yake. Wadda ta zaɓi rabin mako tana da abin da take yi da ragowar, ko jinya, ko karatu, ko reno. A rubuta cewa za a fara tambayarta, tana da damar cewa a'a, in ta zo kuma a biya ta awannin ko a rama mata da hutu.

Mataki na huɗu: kayan aiki na tarayya da waɗanda ba a tarayya a kansu

Adireshin imel na kujerar ya zama ɗaya, lambar wayar ofis ɗaya, kuma wayar ta kwana a ofis. In iyaye suka saba turo shaidar biyan kuɗi ta wasaf ɗin Rabi na kanta, to duk abin da ya shigo ranar Alhamis yana cikin jakarta a gida, Hadiza kuma tana nan tana ce wa uba ba ta ga kuɗinsa ba. Kalanda ɗaya, ma'ajiyar fayil ɗaya, da salon sa wa fayil suna guda ɗaya da suka amince da shi.

Amma kalmar sirri ta shiga manhajar lissafi ko asusun banki, wannan kowacce da tata. Kada a taɓa haɗawa, ko da kamfanin manhajar zai caji kuɗin mutum biyu. Ranar da aka ga an soke wani rasit ko an canza wani adadi, dole a iya sanin hannun wa ya yi. Wannan kariya ce gare su su biyun, ba zargi ba ne. Haka sa hannu: kowacce ta sa nata, ba a sa hannu a madadin wata. Makullin akwatin kuɗi kuma yana hannun wadda ke kan aiki, ana miƙa shi a rubuce.

Mataki na biyar: littafin miƙa aiki

Littafi ɗaya ne, ko na takarda mai bango mai ƙarfi da lambar shafi, ko fayil a kwamfuta da su biyun ke buɗewa. Wanda aka zaɓa a tsaya a kansa. In bayani ya warwatse, wani a littafi, wani a saƙon murya, wani a 'yar takarda da aka manna a jikin kwamfuta, to babu littafi ke nan.

Ana rubuta shi ne a lokacin da abin ke faruwa. Wadda ta bari sai ƙarshen ranarta ta ƙarshe za ta tuna manyan abubuwa ta manta ƙanana, kuma ƙananan ne ke cizo. Uba ya fita daga ofis, kafin na gaba ya zauna a ja layi biyu.

Kowane batu da bai ƙare ba yana buƙatar amsar tambaya biyar: mene ne batun, ina aka tsaya, me aka yi wa mutumin alkawari, mene ne mataki na gaba da ranarsa, wa ke da shi. Dubi bambancin waɗannan biyun. Na farko: "Baban Aisha ya zo kan kuɗin makaranta, a duba." Na biyu: "Aisha ta aji huɗu, kuɗin zango 90,000. Mahaifinta ya biya 50,000 ranar Talata, rasit mai lamba 0431. Ya nemi ya cika 40,000 nan da 15 ga wata. Shugaba ya amince da baki, na ce masa ya sa hannu a takarda, bai sa ba tukuna. Ban yi alkawarin ragi ba. Hadiza, ki karɓi sa hannun shugaba ranar Alhamis. Batun nawa ne." Na farkon ya bar Hadiza da aikin bincike. Na biyun ta karanta cikin rabin minti ta san abin da za ta ce in mutumin ya shigo.

Layin da ya fi kowane daraja a nan shi ne "ban yi alkawarin ragi ba". Abin da aka ƙi yi, da dalilin ƙin, ya kamata ya shiga littafi kamar abin da aka yi. Mutane suna saurin gane cewa kujerar na da baki biyu, sai wanda aka hana ranar Talata ya dawo ranar Alhamis ya ce, "Ai Malama Rabi ta ce za a rage mini dubu goma." In littafin ya yi shiru, Hadiza na tsakanin ƙaryata dattijo da zubar da maganar abokiyarta. In ya yi magana, sai ta ce cikin ladabi, "Alhaji, ga abin da ta rubuta, cika 40,000 nan da 15 ga wata. Maganar ragi kuwa a wurin shugaba take." Ƙa'idar da za su riƙe ita ce, ɗaya ba ta warware hukuncin ɗaya a gaban mai buƙata. In tana ganin an yi kuskure, ta ce za ta duba, su tattauna ranar Laraba.

Bayan batutuwan da ke buɗe, littafin ya ƙunshi abin da aka sanar a taron ma'aikata, duk wani umarni da shugaba ya bayar a tsaye a bakin ƙofa, da abin da ake jira daga waje, kamar saƙon banki ko kayan ɗan kwangila. Abin da aka gama kuma ba ya buƙatar dogon bayani, layi ɗaya ya isa, a ja masa layi a sa kwanan wata. Kada a cika littafin da labarin duk abin da aka yi a rana. Shafi biyar ba mai karanta su da safiyar Litinin, kuma muhimmin abu zai nutse a ciki. Abin gaggawa a sa shi a sama.

Mataki na shida: zaman ranar Laraba

A rufe taga, a sa sanarwa cewa ofishin kuɗi zai buɗe ƙarfe 12. Awa ta farko ta miƙawa ce zalla, ta biyu kuma su yi aikin da ke son ido huɗu, kamar duba takardar albashi kafin a kai wa shugaba, ko ganawa da shi su biyun.

Da kuɗi ake farawa, kuma a gaban juna ake ƙirga su. A ce Rabi ta karɓi akwati ranar Litinin da 50,000. Ta yanka rasit daga lamba 0412 zuwa 0437, tsabar kuɗin da ta karɓa 385,000. Ta kai banki 300,000, ga takardar shaida. Ta kashe 18,500 a ƙananan buƙatu, ga rasit ɗinsu. Abin da ya kamata a tarar a akwati 116,500 ne. Hadiza ta ƙirga ta samu 114,500. Saura 2,000. A wannan lokacin, da abin bai wuce kwana biyu ba, Rabi za ta iya tuna cewa ta ba masinja kuɗin mota zuwa banki ba ta rubuta ba. Sai a kira shi ya sa hannu, a shigar, lissafi ya daidaita. Da an bar shi sai ƙarshen wata, bayan akwatin ya sauya hannu sau takwas, ba wanda zai san a hannun wa ya ɓace, kuma daga nan ne zato ke shiga tsakanin mutane. In ba a gano ba, a rubuta giɓin yadda yake, su biyun su sa hannu, a sanar da shugaba a ranar. Kada mai karɓa ta sa hannu a kan adadin da ba ta ƙirga ba don kunya ko don gudun ɓata rai.

Ranar Juma'a da babu mai karɓa a kusa, Hadiza ta ƙirga a gaban mutum na uku, mataimakin shugaba ko wanda aka wakilta, su sa hannu, a kulle. Rabi ta sake ƙirgawa da safiyar Litinin kafin ta karɓi ko naira ɗaya daga hannun kowa.

Bayan kuɗi sai littafi. Mai karɓa ce ke karantawa da ƙarfi, batu bayan batu, tana faɗin abin da ta fahimta da abin da za ta yi, mai miƙawa na gyara mata. In mai miƙawa ce ke ta bayani ɗayar na gyaɗa kai, ba a san abin da ya shiga ba sai an ga sakamako. A nan ne kuma ake faɗin abin da bai dace a rubuta ba, kamar cewa wani uba ya rasa aikinsa, a bi shi a hankali. Daga ƙarshe a duba kalandar mako biyu masu zuwa, a miƙa makulli da waya.

Su kuma yanke tun farko me ya isa a kira mutum a ranar da ba ta aiki. Abu mai sauƙi: in jinkiri zai jawo asarar kuɗi ko ya hana biyan albashi, kuma amsar ba ta cikin littafi, a kira. Ban da wannan a jira. Yawan kiran shi kansa ma'auni ne. In ana kira fiye da sau ɗaya ko biyu a mako, littafin ne ba ya cika.

Abin da ke lalacewa, da alamominsa

Biya sau biyu ya fi kowane tsada. Ɗan kwangila ya kawo takardar neman biya ranar Talata, Rabi ta tura masa ta banki ba ta buga hatimi a takardar ba, ya sake turo kwafinta ranar Alhamis don bai ga saƙon banki ba, Hadiza ta biya. Rigakafin shi ne rajista ɗaya ta takardun neman biya, kowace da lambarta, a buga "an biya" da kwanan wata a daidai lokacin da aka tura kuɗi, kuma biyan 'yan kwangila ya zama na mutum ɗaya a rana ɗaya ta mako.

Na biyu, shugaba ya zaɓi guda. Ya fi sabawa da Rabi, sai ya riƙa ajiye manyan maganganu sai ranar Litinin. Alamarsa ita ce ka ji ana ce wa Hadiza, "Bari dai sai ita ta zo." Cikin 'yan watanni Rabi na aikin kwana huɗu a kan rabin albashi, Hadiza ta koma mai tsaron kujera. Gyaran yana hannun Rabi fiye da kowa: duk abin da aka kawo mata wanda na Hadiza ne, ta mayar da shi can. Shugaba kuma ya riƙa ba da umarni ta imel ɗin kujera ko ranar Laraba, tarukan ma'aikata kuwa a riƙa juya ranarsu.

Na uku, tura wa gaba. Aiki mai ɗaci, kamar kiran iyayen da ake bi bashi, kullum sai ya tsallaka zuwa ɓangaren ɗayar. Littafin zai tona wannan da kansa: batun da aka miƙa sau uku ba a taɓa shi ba, a tsaya a kansa ranar Laraba, a sa masa suna da rana.

Wajen auna ƙwazo, shugaba ya duba abu biyu daban. Sakamakon kujerar, kamar fitar albashi a kan lokaci da daidaiton littafi, na su biyun ne. Ayyukan da ke da sunan kowacce kuma, da ingancin abin da take rubutawa a littafin miƙawa, nata ne ita kaɗai. Laifin ɗaya ba ya hawa kan ɗaya, wannan ma na cikin amfanin takardar aiki daban da kalmar sirri daban.

A fara da gwaji na wata uku, ko zango guda a makaranta, a zauna a mako na huɗu da na takwas a duba abu huɗu: sau nawa aka kira wadda ba ta aiki, batu nawa ya wuce ranarsa, sau nawa lissafin akwati bai daidaita ba, da awa nawa kowacce ta yi a zahiri. In awannin gaskiya sun kai 26 ko 27 maimakon 21, kujerar ta fi ƙarfin awa 40 tun asali, mai ita na da yana cikawa ne da lokacinsa, kuma sai dai a rage aikin ko a ƙara awannin da ake biya.

In ɗaya za ta tafi

Wannan a rubuta shi tun ranar farko. Tsarin da aka saba shi ne a fara yi wa wadda ta rage tayin kujerar gaba ɗaya. In ba ta so, a nemi sabuwar abokiyar rabo cikin wa'adin da aka ƙayyade, misali wata uku, a sa ta cikin masu tantancewa, tunda ita za ta zauna da wadda aka ɗauka. A Jamus doka ta hana a sallami wanda ya rage don kawai abokin rabonsa ya tafi. Inda babu irin wannan doka, takardar aiki ce za ta faɗi makomarta in wa'adin ya cika ba a samu kowa ba, ko a mayar da ita wani aikin na rabin lokaci, ko a sake fasalin kujerar.

Mai tafiya ta rufe duk batun da za ta iya rufewa, sauran ta mayar da su sunan abokiyarta ɗaya bayan ɗaya a littafi. A yi ƙirgar akwati ta ƙarshe a gaban shugaba, a karɓi makulli, a soke kalmar sirrinta, a sanar da banki a cire sunanta a ranar. Sabuwar da ta zo kuma ta yi mako biyu tana zuwa a ranakun wadda ta rage, tana zaune kusa da ita tana ganin yadda ake yanka rasit da rubuta littafi, kafin a bar mata nata ɓangaren makon.